Kyamarar laftop ta koma baƙi ƙirin bayan na koma Windows 11

Maman Hafsa, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku kawo ɗauki. Laftop ɗina ta hannu ce, irin waɗanda ake kawowa daga Turai, da Faransanci take. Tun da aka ce Windows 10 ta daina samun kulawa nake jin tsoro, shi ne ranar Lahadi da ta nuna mini in koma Windows 11 na amince. Ta kwana tana yi, da safe komai ya tashi lafiya, takarduna suna nan. Sai da na shiga Zoom na ga ni babu ni. Ana jin muryata, amma wurin fuskata baƙi ƙirin. Ranar Alhamis ina da ganawa ta neman aiki, kuma sun ce sai da kyamara a buɗe. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ko buɗe ta bai yi ba ya ce fomatin, jaka biyar, kuma in kwashe kayana tukuna. Na ce bari in tambayi 'yan'uwa.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Allah ya sauwaƙe. Tawa ma ta taɓa yin baƙi, yaro ya cire batir ya danne makunnin ya daɗe, ta dawo. Zafin Garwa ne, ki daina ɗora ta a kan katifa.

Ɗan Marwa: Baba Alhaji, ku yi haƙuri, ba allon kwamfutar ne ya mutu ba. Tana ganin komai, hotonta ne kawai ba ya fita. Hajiya, wannan ba wani abu ba ne, izini ne. Mizajur, wato sabunta Windows irin wanda kika yi, yakan rufe izinin kyamara. Ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta wannan:

```
ms-settings:privacy-webcam
```

Ki kunna duk abin da kika gani a kashe, musamman na can ƙasa mai maganar « applications de bureau ». Zoom a ƙarƙashinsa take. An gama.

Maman Hafsa: Na shiga, ƙanena. Duka ukun a kunne suke, na sama da na tsakiya da na ƙasan. Na kashe na sake kunnawa ma, shiru.

Ɗan Marwa: To ki cire Zoom ki sake sakawa.

Injiniya, Gaundare: Malama, kar ki cire komai tukuna, kar ki ƙona kiredinki a banza. Shawarar Ɗan Marwa ta farko daidai ce, nan ake fara dubawa, domin tun mizajur na watan Afrilun 2018 wannan makunnin yake iya hana manhajoji irin su Zoom ganin kyamara. Amma tunda a buɗe yake, sai mu gano inda hoton yake tsayawa. Ki rufe Zoom gaba ɗaya, har da ɗan tambarinta da ke ɓuya kusa da agogo. Sannan ki buɗe manhajar Windows ɗin kanta mai suna Caméra. Abu biyu nake so ki gaya mini. 'Yar fitilar da ke kusa da idon kyamarar tana kamawa? Kuma akwai rubutu a kan baƙin, mai lamba da ta fara da 0xA00F, ko baƙi ne zalla?

Maman Hafsa: Fitilar tana kamawa, fara. Babu rubutu ko ɗaya. Maɓallin ɗaukar hoto yana nan a gefe, na danna ma ya ɗauka, hoton ya fito baƙi.

Injiniya: Madalla, wannan amsar ta rage mana rabin aiki. Da Windows ba ta ganin kyamarar sam, da ta rubuto miki 0xA00F4244, ta ce ba ta sami kyamara ba. Da wata manhaja ce ta riƙe ta, da kin ga 0xA00F4243. Ke ba ki ga ko ɗaya ba, fitila ta kama, har hoto ya ɗauku. Ke nan kyamarar tana samun wuta, Windows ta gan ta, ta buɗe ta, hoto yana zuwa, sai dai abin da ke zuwan baƙi ne. Kuma ba laifin Zoom ba ne, tunda a Caméra ma haka take.

Abu biyu ne suka fi kawo irin wannan. Ko dai wani abu ya rufe idon, ko kuma direban da ke tsakanin kyamarar da Windows ne yake ɓata hoton a hanya. Mu fara da mai sauƙin. Ki bar Caméra a buɗe, ki kunna tocilan wayarki, ki manna shi a kan idon kyamarar. Baƙin ya motsa? Ya yi ja-ja ko toka-toka?

Ɗan Marwa: Yallaɓai ai ta ce bayan mizajur abin ya faru. Mizajur yana da hannun da zai rufe murfi ne?

Injiniya: Ba shi da shi, amma yara suna da shi, jaka ma tana da shi. Laftop da yawa na ofis daga wajen 2018 zuwa yau suna da ɗan murfi mai zamewa a saman allo, ƙarami ƙwarai, launinsa ɗaya da jikin robar. Wasu idan an rufe sai ka ga ɗigon ja a kan idon. Mutum ya yi wata bai kunna kyamara ba, sai ranar da ya yi mizajur ya gwada, ya ɗora wa mizajur laifi. Ana kawo mini irinsu shago, in sa farce in ture murfin, mai ita ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, me zai sa mu tsallake shi?

Maman Hafsa: Akwai murfin, na san da shi, a buɗe yake. Na goge idon da gefen mayafi don ƙurar hunturun nan ta yi masa fari. Na haska tocilan har ya taɓa gilashin, baƙin ko gezau. Kuma ranar Asabar da dare na yi magana da yayata ta Njamena da wannan kyamarar, lafiya lau.

Injiniya: To yanzu na yarda mizajur ne. Da murfi ne ko ƙura ko duhun ɗaki, haske mai ƙarfi haka zai ɗan ratsa, ki ga baƙin ya sauya. Baƙin da ba ya motsi ko kaɗan, galibi ba daga gilashin yake ba. Kafin mu taɓa direba, ki yi Redémarrer sau ɗaya, ba Arrêter ba. Da yawa ba su san cewa Arrêter ba ya kashe Windows duka ba, yana ajiye wani sashe har da direbobi don ta tashi da sauri, sai matsalar ta tashi tare da ita. Redémarrer ne ke loda komai sabo.

Ɗan Kusiri: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni ma bayan mizajur tawa ta tsaya, amma lambar nan ta farko da Injiniya ya faɗa nake gani, 0xA00F4244. Fitila ba ta kamawa. In bi abin da ake gaya wa Hajiya?

Injiniya: A'a, taka daban ce, ɗan dakata mu gama da Malama tunda ita ke da ranar Alhamis. Zan dawo kanka.

Maman Hafsa: Na yi Redémarrer, tana nan yadda take.

Injiniya: Shi ke nan. Windows da R kuma, ki rubuta:

```
devmgmt.msc
```

Gestionnaire de périphériques zai buɗe. Ki nemi layin Appareils photo, in babu ki duba Périphériques d'acquisition d'images. Ki buɗe shi ki gaya mini suna nawa ke ciki, kuma ko akwai alamar ruwan ɗorawa a kai. Sannan ki danna sunan sau biyu, ki shiga shafin Pilote, ki karanto mini wanda ya yi direban da kwanan watansa. Daga nan ki leƙa Détails, ki zaɓi Numéros d'identification du matériel, ki gaya mini da me layin farko ya fara.

Maman Hafsa: Suna ɗaya ne, Integrated Camera, babu wata alama. Ya rubuta wai tana aiki daidai, abin dariya. Mai direban ba Microsoft ba ne, wani kamfani ne daban, shekarar 2018. Layin kuma ya fara da USB\VID.

Injiniya: Wannan « tana aiki daidai » ɗin kar ya ruɗe ki, abin da yake nufi kawai direban ya lodu bai faɗi ba, bai san ko hoto na fita ba. Abin da ya faranta mini shi ne USB ɗin nan. Kyamarar cikin yawancin laftop, duk da tana manne a saman allo, ta USB take magana da kwamfutar, da siririyar waya da ta bi ta cikin mahaɗar allon da jikin laftop ɗin. Kuma irin waɗannan kusan duka suna bin ƙa'ida guda da ake kira UVC, wadda Windows take da nata direban na kowa da kowa, fayil ɗinsa usbvideo.sys. Kamfanin da ya haɗa laftop ɗin yakan ɗora nasa direban a kai don ƙarin gyaran haske da launi da makamantansu. Naki na 2018 ne, an rubuta shi tun Windows 11 ba ta zo duniya ba, ita sai Oktoban 2021 ta fito. Zatona wannan ƙarin ne bai jitu da sabuwar Windows ba, hoto yana shiga cikinsa yana fitowa baƙi. Za mu zagaye shi.

Ɗan Marwa: Ai sai ta danna Restaurer le pilote kawai, yana nan a shafin. Ni da shi na gyara tawa.

Maman Hafsa: Na gan shi amma ya dushe, ba ya dannuwa.

Injiniya: Haka zai kasance. Wannan maɓallin yana aiki ne idan an sauya direba aka ajiye tsohon. Kai Ɗan Marwa, ƙaramin mizajur ne ya kawo maka sabon direba, tsohon yana ajiye, ka koma masa. Ita kuwa direbanta bai canza ba, Windows ɗin ce ta canza a ƙarƙashinsa, babu wani tsoho da za a koma wa.

Malama, bi ni a hankali. A shafin Pilote ki danna Mettre à jour le pilote. Kar ki zaɓi na sama mai nema da kansa, zai ce miki wanda kike da shi ya fi kowanne. Ki zaɓi na ƙasa, Parcourir mon poste de travail, sannan Choisir parmi une liste de pilotes disponibles sur mon ordinateur. Za ki ga ɗan jeri. A ciki akwai Périphérique vidéo USB, wani lokaci da Turanci yake fitowa, USB Video Device. Shi za ki zaɓa, ki danna Suivant. Ba ya cin intanet ko kaɗan, yana cikin kwamfutar. In ya gama ki sake Redémarrer, ki buɗe Caméra.

Malam na lise: Kafin ta dawo, ni ina da wata hanya da na daɗe ina amfani da ita. A shiga regedit, a je HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows Media Foundation\Platform, a ƙirƙiri DWORD mai suna EnableFrameServerMode a ba shi 0. Kwamfutocin ɗakin karatunmu da ita na tashe su, ba sau ɗaya ba.

Injiniya: Malam, wannan maganin gaskiya ne amma na wata cuta ce. A watan Agustan 2016, mizajur 1607 na Windows 10 ya sa hoton kyamara ya riƙa bi ta wani sabis mai suna FrameServer, sai kyamarorin da ke aiko da hoto a matse, MJPEG da H.264, suka riƙa daskarewa a Skype. Mutane suka gano wannan dabarar ta kauce wa sabis ɗin, daga baya aka fitar da gyara. Yau Windows 11 ta jingina abubuwa da yawa na kyamara a kan wannan sabis, ban so wadda ba ta saba ba ta shiga regedit kwana biyu kafin ganawa.

Malam na lise: Ban musa tarihin ba, amma bara ma na yi a wata mai Windows 11 ta tashi. Abin da ya yi aiki ya yi aiki.

Injiniya: Ban ce ƙarya ba ne. Na ce ba nan zan fara ba. In komai ya ƙi, sai a gwada, a kuma rubuta abin da aka ƙara don a iya gogewa.

Maman Hafsa: Alhamdu lillahi! Ga ni, har da labulen bayana! Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Sai dai na shiga Zoom yanzu, can kuma har yanzu babu hoto. Gabana ya sake faɗuwa.

Ɗan Marwa: Hajiya kin rufe Caméra kafin ki shiga Zoom? In tana buɗe ita ke riƙe da kyamarar. Ki rufe ta, ki shiga saitin Vidéo na Zoom ki tabbatar kyamarar ce aka zaɓa a jerin.

Maman Hafsa: Ashe tana can a baya a buɗe. Na rufe, ya fito. Na gode ƙanena. Amma hoton ya ɗan fi da duhu, ko idona ne?

Injiniya: Ba idonki ba ne, gyaran hasken da direban kamfanin yake yi ne kika rasa. Ki shiga Paramètres, Bluetooth et appareils, Caméras, ki zaɓi taki, akwai wurin ƙara haske. Ranar ganawar kuma ki zauna taga tana gabanki, ba a bayanki ba. In kina son ingancin da, ki shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftop ɗin, ki sa lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta, ki ga ko sun fitar da direban kyamara na Windows 11. Amma ni a wurinki ba zan taɓa komai ba sai bayan Alhamis. Ki ma dakatar da mizajur na mako ɗaya a shafin Windows Update, don yana iya dawo miki da direban kamfanin cikin dare. In hakan ta faru wata rana, hanyar da kika bi yau za ki sake bi, kuma a lokacin Restaurer le pilote zai dannu.

Wani abu kuma da ya kamata kowa a nan ya sani. Bayan babban mizajur irin wannan, Windows tana ajiye tsohuwar a babban fayil mai suna Windows.old na kwana 10 kacal. Cikin kwanakin nan za ka iya komawa ta Paramètres, Système, Récupération, Retour en arrière. Bayan haka ƙofar ta rufe. Wanda yake son ƙarin lokaci, tun kwanakin ba su cika ba, ya buɗe Terminal a matsayin administrateur ya rubuta:

```
DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:30
```

Yana karɓa har 60. Kuma kar a bari mai share shara ya goge Windows.old don neman wuri. Da Malama ta yarda da fomatin, da wannan ƙofar ta tafi.

Malam na lise: Amma a yi wa mai gyaran adalci, fomatin ɗin da zai iya gyara ta, tunda sabuwar Windows da direban kowa da kowa za ta tashi.

Injiniya: Zai iya, na yarda. Sai dai ta biya jaka biyar, ta sake sauke duk manhajojinta da kiredinta, don abin da aka yi da dannawa shida. Kuma da zarar ta hau intanet Windows Update na iya kawo mata direban kamfanin ya mayar da ita gidan jiya.

'Yar Njamena: Yaya Injiniya, na bi matakan nan a sabuwar laftop ɗin ofis ɗinmu, babu Périphérique vidéo USB a jerin sam. Ta bara ce.

Injiniya: Ki duba layin nan na Détails. In bai fara da USB ba, to kyamararki ba irin ta Malama ba ce. Sababbin laftop masu siriri da yawa kyamararsu MIPI ce, tana haɗe kai tsaye da sashen sarrafa hoto na cikin furosesa, kuma direbobi da dama ne ke aiki tare, na idon daban, na sashen hoton daban. Direban kowa da kowa ba ya tuƙa ta. Ita sai cikakken ƙunshin direban daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, na daidai samfurinki da daidai Windows ɗinki. Tunda ta ofis ce ma, ki fara gaya wa mai kula da kwamfutocinku, wataƙila ba ki da izinin sakawa.

Ɗan Kusiri: Yallaɓai an manta da ni.

Injiniya: Ban manta ba. Kai kwamfutarka ba ta ganin kyamarar ne kwata-kwata, don haka sauya direba bai taso ba, babu abin da za a sauya wa. Ka fara duba layin maɓallan F na sama, ka nemi mai hoton kyamara. A wasu F8 ne, a wasu F10, a wasu F6, tare da Fn. A wasu samfuran wannan maɓallin yanke kyamarar yake gaba ɗaya, ta ɓace kamar an zare ta. Wasu kuma ɗan makunni ne a gefen jiki. In ba shi ba ne, ka buɗe Gestionnaire de périphériques, ka danna Affichage, Afficher les périphériques cachés, ka gaya mini abin da ka gani.

Ɗan Kusiri: Babu maɓallin kyamara a tawa. Na nuna ɓoyayyun, sunanta ya fito amma a dushe, a ciki an rubuta Code 45.

Injiniya: Code 45 yana nufin Windows ta san ta a da, amma yanzu ba a haɗe take ba. Saura wuri biyu. Ka shiga BIOS ka ga ko an kashe kyamara a can, don wani lokaci mizajur yana zuwa da sabon BIOS, saiti ya sauya. In a kunne take, ka bar Gestionnaire a buɗe, ka riƙa buɗe allon kana rufewa a hankali. In ka ji ƙarar nan ta sa filas, ko jerin ya yi ƙifta, wayar cikin mahaɗar allon ce ta fara tsinkewa, mizajur ya zo ne kawai a kan gaɓa.

Malam na lise: Ya kuma danna Windows da R ya rubuta winver. In ya ga harafin N bayan Pro ko Famille, irin na kasuwar Turai ce, ba ta zuwa da kayan sauti da bidiyo, sai an ƙara Media Feature Pack, kuma babban mizajur kan sa a sake saka shi. Na hannun da ake kawo mana akwai irinsu.

Injiniya: Wannan gaskiya ne Malam, yana hana kyamara aiki. Amma ba zai sa ta dushe da Code 45 ba, a N na'urar tana nan a jeri, manhajojin ne ke kasa amfani da ita. Ya duba dai, ba ya cin komai.

Ɗan Kusiri: Babu N. Allon kuwa gaskiya gefen hagunsa ya daɗe yana ƙara in na buɗe, robar wurin ta ɗan tsage. Na motsa shi ban ji komai ba. BIOS ɗin kuma yana tambayar kalmar sirri, da ita na saye ta, mai shagon bai ba ni ba.

Ɗan Marwa: Ka kunna ta da filas mai Ubuntu ba tare da ka saka ba, ka buɗe Terminal ka rubuta lsusb. In can ma babu kyamara, ka san ba Windows ba ce.

Injiniya: Shawara mai kyau, sai dai ba za ta raba mana tsakanin BIOS da waya ba, duka biyun ɓacewa za ta yi. Kuma in an kulle tashi daga filas a BIOS ɗin, ba za ta ma bari ba. Ka koma wurin wanda ya sayar maka ka nemi kalmar. In ba ta samu ba, kyamarar USB ta waje ta fi arha a kan a buɗe allon, tunda robar ta riga ta tsage.

Ɗan Kusiri: Mutumin yana tsallake, a Njamena. In na haye gada ranar Asabar zan leƙa shagonsa in ji.